Jinyar Malam Bayan Ɓarin Jikinsa Ya Shanye

Mijina tsohon malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Zariya, ni kuma tela ce, ina ɗinkin mata a cikin gida a Tudun Wada. A watan Nuwamba na 2019, yana da shekara 52, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta ɗauke. Tun daga lokacin muke tare da wannan lalura. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, mata da yawa sun sha zuwa wurina bayan irin haka ta faɗa wa gidajensu, kuma duk abu ɗaya suke faɗa: kowa na ce musu su yi haƙuri, akwai lada, amma babu mai gaya musu yadda ake yi. Ladan gaskiya ne, ina kuma fatan samunsa. Sai dai mai jinya tana bukatar ta san yadda za ta juya namiji mai nauyi ba tare da ta karya bayanta ba, da yadda za ta ci gaba da zama matarsa bayan ta zama mai wanke shi.

Malam ya daɗe da hawan jini. Yana shan magani idan kansa ya yi ciwo, idan ya ji garau ya ajiye, ya ce ba zai zama bawan ƙwaya ba. Ranar da abin ya faru, buta ce ta suɓuce daga hannunsa wajen alwalar asuba. Na leƙo na ga bakinsa ya karkace, yana son ya kira ni amma sai wani sauti ke fita. Kafin gari ya waye tsakar gida ta cika, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce jifa ne, a kawo hayaƙi. Ƙaninsa, Allah ya saka masa, bai tsaya sauraron kowa ba, ya sa shi a mota sai asibitin Shika. Da aka auna jininsa ya haura 200. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, likita ya nuna mana inda jijiyar jini ta toshe a ɓangaren hagu. Ya ce ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane a nan magana take, shi ya sa hannu da ƙafa da harshe suka tafi tare. Sai bayan hoton aka fara ba shi asfirin, domin da jijiyar fashewa ta yi ba toshewa ba, asfirin ƙara zubar jinin zai yi. Ina faɗin wannan ne saboda na ga gidajen da ake ɗura wa mutum shi tun kafin a kai shi asibiti.

Da aka sallame mu, wata nas mai kirki ta koya mini abin da zan tarar a gida. Mutumin da ba ya iya motsa kansa dole a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba fatar da ƙashi ke dannewa a kan katifa ta mutu ta zama gyambo. Wuraren da ake dubawa su ne ƙashin ƙugu ta baya, kwankwaso, diddige da kafaɗa. A fata mai duhu irin tamu ba lalle a ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi sheƙi, ko a ji ya fi sauran jiki zafi ko tauri. Idan aka ga haka, kada a murza, a ɗauke nauyi daga wurin. Ta kuma gargaɗe ni kada a taɓa jan sa ta hannun da ya shanye, don naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ana ja sai ta goce ta bar shi da ciwon da zai hana shi motsa jiki. Wajen ci kuwa, sai an zaunar da shi tsaf, a ba shi kaɗan-kaɗan. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ruwa zalla ya fi koko mai kauri saurin ƙware shi. Idan ya yi tari yana cikin haɗiya, ko muryarsa ta yi kamar akwai ruwa a maƙogwaro, a dakata, don abin da ya bi ta hanyar numfashi yana iya zama ciwon huhu. Bayan ya ci ya zauna kamar rabin awa kafin ya kwanta.

Duk wannan na ɗauke shi ni kaɗai, kuma a lokacin gani nake haka ya kamata. Ni ce juyi, ni ce fo, ni ce wanka, ni ce girki iri biyu tunda nasa ba gishiri sosai, ni ce tarbar 'yan dubiya waɗanda wani lokaci sai bayan isha'i suke watsewa. Mai tashi duk bayan awa biyu ba ta barci, gyangyaɗi take yi. Keken ɗinkina na lulluɓe shi da zane, kayan mutane na mayar musu ba a ɗinka ba. Ba a daɗe ba na fara mantuwa, in ɗora tukunya in bar ta ta ƙone, in daka wa autarmu tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata rana bayan na auna Malam da na'urar da muka saya, na ɗaura ta a hannuna, na ga 160 bisa 100. Ni da ban taɓa hawan jini ba sai ina da ciki.

Amma abin da ya fi gajiyar ciwo shi ne abin da ke faruwa tsakanina da shi. Malam mutum ne mai tsananin kunya da kamun kai, ko singileti ba ya zama da ita gaban 'ya'yansa. Yanzu ga shi kwance ina canja masa famfas. Duk lokacin da na gama gyara shi sai ya juya fuska bango, idan na kawo abinci ya ƙi buɗe baki. Ƙaninsa na zuwa da cokali ɗaya, kwano ɗaya, sai ya ci. Wata rana ya ture kofi da hannun hagu har ya jiƙa ni. Na shiga kicin na yi kuka, ina cewa a raina duk abin da nake yi wannan ne sakayyata.

Mai gashin ƙashi da ke zuwa gida shi ya fara buɗe mini ido. Ya ji wata baƙuwa ta tsaya a kan Malam tana tambayata, "Ya mai jikin? Yana dai ci? Yana gane mutane kuwa?" ni kuma ina ba ta amsa dalla-dalla, har da maganar bahaya. Da ta fita ya ce mini, "Hajiya, Malam fa yana jin duk abin da ake faɗa, yana kuma fahimta. Hanyar fito da kalma ce ta lalace, hankalinsa na nan." Ya ce akwai masu wannan ciwo da fahimtar ma takan taɓu, amma ba irin na Malam ba. Daga nan na fara lura da idonsa idan ana maganarsa a gabansa kamar ba ya ɗakin. Mutumin da ya yi shekaru yana tsayawa gaban allo ɗalibai na tsit, shi ne ake tattauna cikinsa yana ji. Na kuma gane cewa ni kaina na kwana biyu ban ce masa komai ba sai "ɗaga", "buɗe", "haɗiye", "sannu". Ashe ba ni yake ƙi ba. Ganin matarsa a wannan matsayi, da ganin kansa a idona, shi ne ya fi ƙarfinsa.

Yayata ce ta zo daga Kaduna ta yanke abin. Ta kwana biyu tana kallona, sannan ta tara ƙanin Malam da babban ɗanmu, wanda lokacin yana ajin ƙarshe na sakandare, ta ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In yarinyar nan ta faɗi, ku gaya mini wa zai riƙe su su biyu." Muka zauna muka raba aikin gida biyu. Akwai aikin da hannun kowa zai iya, akwai wanda ni kaɗai zan iya yi masa. Wanka da kai shi bayi na safe suka koma hannun ƙaninsa, wanda ke biyowa kafin ya wuce kasuwa. Juyin tsakar dare ɗaya ya koma na ɗanmu, don in samu barcin awa huɗu a jere. 'Yan dubiya aka sa musu lokaci, daga la'asar zuwa magariba. Ba wai na daina taɓa ƙazantarsa ba ne, da rana in babu kowa ni ce dai. Amma ya zama ba ita ce farkon abin da ke haɗa mu kowace safiya ba. Sai an gama shirya shi, an sa masa riga da hula da turare, sannan in shigo da shayi in gaishe shi yadda na saba tun ina amarya.

Wannan tsari bai yi wa surukata daɗi ba. Ta ce, "'Yar nan, mace na raye a ce ƙanin miji ke wanke mata miji? Me duniya za ta ce?" Ban ga laifinta ba, uwa ce, kuma a zamaninsu haka ake auna mace. Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki tambaye shi da kanki." Ta juya ta tambaye shi ko ya fi son ƙaninsa ya riƙa yi masa wanka, ya ɗaga kai da ƙarfi har sau biyu. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ko da yake na san har ta koma ga Allah abin bai kwanta mata ba. Wani malamin Islamiyyarmu ya ƙara mini ƙarfin gwiwa da ya tuna mini nasihar da Salmanul Farisi ya yi wa Abud Darda'i, cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma haka, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata shi. Na daɗe da sanin hadisin, amma ban taɓa tunanin ya shafi mace mai jinya ba.

Na buɗe keken ɗinki. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da Malam ke barci, nawa ne, kuma na hana kowa taɓa mini shi. Kuɗin da ke shigowa ba wani mai yawa ba ne, amma a wannan lokacin kaina na kan wuyan riga da tsayin siket, mata na shigowa muna hirar biki da tsadar atamfa, ana kirana da sunana maimakon matar marar lafiya. Ranar Alhamis ina zuwa gidanmu in gaida Inna in ci tuwon da ba ni na tuƙa ba. Farkon fitata ko zama ban iya yi ba, zuciyata na gida. A hankali na saba. Na kuma je asibiti a kan nawa jinin, aka ɗora ni a kan amlodifin, irin wanda Malam ke sha.

Maganarsa kuwa ta wata hanya ta fara dawowa da ban zata ba. Yana salla a zaune, in ya gaji a kishingiɗe, wani lokaci da taimama. Wata magariba ina kusa da shi na ji Fatiha na fita daga bakinsa tiryan-tiryan, mutumin da ba ya iya cewa "ruwa". Na ɗauka warkewa ce ta zo gaba ɗaya. Da ya sallame na yi masa magana, sai ga shi yadda yake. Likita ya ce haka abin yake ga da yawa: abin da harshe ya haddace tun yarinta, kamar karatu da ƙirga da gaisuwa, yakan tsira, ƙirƙiro sabuwar jimla ce ke wuya. Sai muka kama nan. Kullum bayan asuba mukan yi ƙananan surori tare, daga nan mu yi kwanakin mako, sannan sunayen yara ina nuna hotonsu. Na koyi yi masa tambayar da amsarta i ce ko a'a. Na koyi kashe rediyo idan za mu yi magana. Mafi wuya shi ne na koyi yin shiru. Idan yana laluben kalma, bakina na ƙaiƙayi in ƙarasa masa, amma duk lokacin da na ƙarasa sai ya saki maganar gaba ɗaya. Idan na jira, ko da zai ɗauki minti guda, sau da yawa takan fito. Wani lokaci kuma wata ce daban ke fitowa, ya ce cokali yana nufin tabarau, ya kira ni da sunan ƙanwarsa. Wannan na ƙarshen ya sha sosa mini rai kafin in yarda cewa ciwon ne.

Akwai kuma kuka. Sai ya fashe da kuka ana cikin hira ta daɗi, ya kasa tsayawa. An gaya mana ciwon kan taɓa abin da ke riƙe kuka da dariya, ba lalle baƙin ciki ba ne, kuma in ba a rufu a kansa da lallashi ba yakan wuce da wuri. Wannan daban yake da abin da ya same shi daga baya, lokacin da ya daina son motsa jiki, ya rage ci, ya riƙa kwana ido biyu, ya kan nuna sama da yatsa alamar gara ya tafi. Da ya ɗauki makonni a haka na gaya wa likita. Ya ce ciwon damuwa ne, yana yawan biyo bayan shanyewar jiki, kuma yana da magani. Aka ba shi, sai da ya yi kusan wata kafin mu ga canji. Duk mai jinyar da ta ga haka kada ta tsaya a kan "ka yi tawakkali". Malam ya fi ni tawakkali, ciwo ne ya hau kan ciwo.

A ƙarshen watan Maris na 2020 aka kulle jihar Kaduna saboda korona. Mai gashin ƙashi ya daina zuwa, hankalina ya tashi, domin an gaya mana a watanni uku zuwa shida na farko ake samun mafi yawan abin da zai dawo, bayan nan sai a hankali. Ya riƙa kwatanta mini ta waya, ni da ɗanmu muna yi: miƙe yatsu da gwiwar hannu a hankali ba tare da an kai ga zafi ba, tashi daga kujera da zama, tsayuwa yana dafe da taga yana raba nauyi a ƙafa biyu. Ya ja mini kunne a kan abu ɗaya, cewa duk abin da Malam zai iya yi da kansa, ko zai ɓata rabin awa, kada in yi masa. A nan sana'ata ta yi rana. Na cire mazagin wandunansa na sa roba, na buɗa hannun rigunansa, na rage maɓallai. Hannun da ya shanye shi ake fara sawa a riga, shi ne kuma na ƙarshen fita. Ranar da ya sa riga shi kaɗai, ta karkace, wuyan ya koma gefe, na bar ta a haka har yamma.

Kullen nan ya ɗauke mana 'yan dubiya, gida ya zama daga mu sai yara. A lokacin na dawo masa da littafin cefane. Tun da ya kwanta katin banki na hannuna, ni ke yanke komai, in biya kuɗin makaranta, in sayi buhun masara, ba tare da na gaya masa ba, wai don kada in ɗora masa damuwa. Na ɗauko littafin na zauna gefensa na karanta masa abin da ya shigo da abin da ya fita. Ya karɓa da hannun hagu ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ƙi ɗagawa. Na sake tarawa, ashe na tsallake kuɗin gawayi. Ya yi dariya, irin tasa ta da, da rabin baki. Tun daga ranar babu abin da ake yankewa a gidan nan sai an kai gabansa. Yaro ya zo neman izinin fita, in ce je ka tambayi Abbanku, ka kuma tsaya har ya ba ka amsa. Muna saɓani ma. Ya hana a sayar da filinsa na hanyar Jos lokacin da nake ganin babu mafita sai hakan, muka yi kwanaki ina fushi. Na ji daɗin wannan fushin fiye da tausayin da na daɗe ina yi masa, don da miji ake irin wannan jayayya.

Akwai maganar da kunya ke hana mu yi, amma zan taɓa ta don mata sun fi tambayata a kanta a ɓoye. Na daɗe ina shimfiɗa tabarma a ƙasa kusa da gadonsa, ina tsoron ko kusantarsa za ta tayar da ciwon. Shi kuma ya ɗauka ƙyamarsa nake yi. Sai da na cije na tambayi wata likita mace, ta ce idan jini ya daidaita kuma yana shan magani, zaman aure ba shi ne abin tsoro ba, sai dai ciwon da damuwa da wasu magungunan kan rage ƙarfi, kuma kada a sayi maganin ƙarfin maza ko na gargajiya ba da sanin likita ba. Ta ce in riƙa kwanciya ta ɓarinsa mai lafiya, inda yake jin taɓawa sosai kuma hannunsa zai iya kai wa gare ni. Na naɗe tabarmar. Abubuwa ba su koma yadda suke da ba, amma mun daina kwana kamar majinyaci da mai gadinsa.

Yau Malam yana tafiya da sanda mai ƙafa huɗu, yana zuwa masallacin unguwa azahar da la'asar. Hannun dama bai dawo ba, yatsun a dunƙule suke, kullum sai an miƙe su an wanke tafin an shanya don kada ya yi wari. Magana tana fita gajere-gajere, in ya gaji ko mutane sun yi yawa ta sarƙe. Aji ya gagare shi, ya yi ritaya, amma yaran maƙwabta masu shirin jarrabawa na zuwa da yamma, yana rubuta musu lissafi da hannun hagu a ƙaramin allo. Ɗanmu ya tafi jami'a, ƙanensa ya gaji aikinsa, ƙanin Malam kuma yanzu sai ranar Juma'a yake zuwa ya yi masa aski. Akwai ranakun da nake tashi ba na son ganin kwalbar magani, in ji haushin matan da mazansu ke fita su dawo da leda a hannu. Idan na ji haka na san barci ne ya yi mini ƙaranci ko na kwana biyu ban fita ba, sai in kira Yaya ko in sa ɗaya daga cikin yaran ya karɓe ni. Asibiti muna komawa duk bayan wata uku, kati biyu nake riƙewa, nasa da nawa. Rigimar da ba mu gama ba har yanzu ita ce ta gishiri da dunƙulen miya, don na sha kama autarmu tana kai masa yaji a ɓoye, kuma shi ke aikenta.